Izinin Sharing ko na Security: wanne za ka riƙe idan ka raba folda a gida?

"Salam 'yan'uwa. Na raba folda daga kwamfutar falo, Windows 11 ce, don uwargida da yara su riƙa shiga ta laftof ɗinsu. A Security na ba su Full control, amma sai dai su buɗe, ba sa iya ajiye komai. Na kuma ga wani Permissions ɗin a ƙarƙashin Sharing. Wanne ne na gaskiya, wanne zan saita?"

Wa'alaikumus salam Malam. Riƙe Security, can za ka yi duk aikinka. Na Sharing kuwa ka shiga sau ɗaya, ka ba Everyone izinin Change, ka fito, kada ka sake waiwayarsa.

Abin da ya tare iyalinka yanzu na Sharing ɗin ne. Idan ka raba folda ta Advanced Sharing, Windows da kanta take sa Everyone a kan Read kawai, kuma duk wanda ya zo ta netwok sai ya wuce shingen biyu, wanda ya fi tsauri a cikinsu shi ke aiki. Full control a Security, Read a Sharing, sakamako Read. Kamar gida ne mai zaure: ka miƙa wa mutum makullan ɗakuna duka, amma ka ce wa mai gadin zaure kada ya bar kowa ya shigo da kaya. Kai da kake zaune gaban kwamfutar falo ba ka taɓa jin matsalar ba saboda kana cikin gidan ne, ba ka bi ta zaure.

Iyakar abin da zan iya faɗa a kan izinin Sharing ke nan: zaɓi uku ne da shi, Read, Change da Full Control, yana hawa kan foldar gaba ɗayanta ba ya bambanta ƙananan foldodin ciki, kuma ba ya hana wanda ke zaune gaban kwamfutar komai. Yana aikinsa dai.

Ni da kuɗina na koyi wannan. Na taɓa sayen faifan ajiya na waje mai 1TB, na jona shi a tsohuwar kwamfutar gidana, na zuba hotuna da takardun makarantar yara, na raba. Da na shiga Properties sai na nemi shafin Security na rasa. Ashe faifan a tsarin exFAT ya zo, kuma exFAT da FAT32 ba su san wani abu wai izinin folda ba, sai NTFS. Dole na dogara da Sharing kaɗai. Yara suna son ajiye aikin makaranta, sai na ba su Change, wanda ke nufin na ba su ikon gogewa a ko'ina cikin faifan. Wata ranar Asabar babbar 'yata tana share abin da take gani tarkace ne, ta haɗa da foldar hotunan sunan ƙanenta. Na ruga Recycle Bin, wayam. Abin da aka goge ta netwok ba ya zuwa can, ko a kwamfutar da ta goge ko a wadda ke riƙe da faifan. Rabin hotunan a wayar mahaifiyarsu muka tsinto su, sauran sai haƙuri.

Bayan nan na kwashe abin da ya rage, na mayar da faifan NTFS, na tsara izinin ɗaki ɗaki. Watanni kaɗan sai ga autana ya zo yana ƙorafi wai kwamfuta ta lalace, ya danna gogewa a kan wani bidiyo tana ta ce masa "You need permission to perform this action". Ban taɓa jin daɗin saƙon kuskure irin na ranar ba. Har alawa na saya masa.

Ga yadda nawa yake, ka kwaikwaya. A kwamfutar falo ka buɗe asusu biyu na cikin kwamfutar, ɗaya `mama` ɗaya `yara`, kowanne da kalmar sirri. Kada ka bar ta fanko, domin Windows ba ta yarda asusun da ba shi da kalmar sirri ya shigo ta netwok. Sai ka yi folda a `D:\Gida`, a cikinta ka yi `Hotuna`, `Makaranta` da `Takardu`, sannan ka raba `Gida` ta Advanced Sharing, ka ba Everyone izinin Change. Kada ka raba wani abu daga Desktop ko Documents da maɓallin Share ɗin nan mai sauƙi, don yakan buɗe foldar `C:\Users` gaba ɗaya a netwok, kuma yana taɓa izinin wuraren biyu ba tare da ya nuna maka abin da ya canza ba.

Yanzu wurin da mutane suka fi faɗawa rami. Ka buɗe Security na sabuwar foldar tun kafin ka ƙara kowa, za ka tarar akwai sunaye a ciki: Administrators, SYSTEM, Users, da Authenticated Users mai izinin Modify. Gadonsu foldar ta yi daga tushen faifan. Authenticated Users na nufin duk wanda ya shiga da suna da kalmar sirri, har da `yara`. A cikin Security kuma izini tarawa yake yi: idan an ba ka Read da sunanka, an kuma ba ƙungiyar da kake ciki Modify, to Modify kake da shi. Shi ya sa za ka ga mutum ya ba yara Read, ya buɗe Sharing zuwa Change, ya kwanta da kwanciyar hankali, washegari ya tarar an goge masa fayil. Tsauri tsakanin shingen biyu ne kawai yake aiki. A cikin shinge ɗaya, mafi yawa ake ɗauka.

Saboda haka sai ka yanke gadon tukuna. A Security ka danna Advanced, sannan Disable inheritance, ka zaɓi wanda ya fara da Convert don ya riƙe sunayen da ke nan, sai ka cire Authenticated Users da Users. Amma kafin ka cire su, ka sa sunan asusunka da Modify, in ba haka ba kai ma foldar za ta fara tambayarka izini, duk da kai ne mai kwamfutar. Idan ka fi son rubutawa, buɗe Command Prompt da Run as administrator, ka sa sunan asusunka a madadin `baba`:

```
icacls D:\Gida /inheritance:d
icacls D:\Gida /grant baba:(OI)(CI)M mama:(OI)(CI)M yara:(OI)(CI)RX
icacls D:\Gida /remove "Authenticated Users" Users
icacls D:\Gida\Makaranta /grant yara:(OI)(CI)M
```

`M` shi ne Modify, wato karantawa, rubutawa da gogewa. `RX` shi ne Read & execute, kallo da buɗewa kawai. `(OI)(CI)` kuma yana sa izinin ya gangara kan fayiloli da ƙananan foldodi. Da wannan, yara suna kallon `Hotuna` ba sa iya taɓa su, a `Makaranta` kuma su yi yadda suke so. Ita `Takardu`, inda takardun fili da na banki suke, ka sake yanke mata gado kamar yadda ka yi a sama, ka cire `yara`. Za su ga sunan foldar, amma ba za ta buɗu musu ba. Full control ɗin da ka ba su a baya ka janye shi, domin ƙarin da yake da shi a kan Modify shi ne ikon canza izinin kansa, kuma ba abin da za ka damƙa wa yaro ba ne. Akwatin Deny ma ka bar shi. Yana danne Allow, kuma ranar da ka sa wa Users ko Everyone shi, da kai za a rufe.

Everyone a Sharing kada ya tsorata ka, muddin Password protected sharing yana kunne a Advanced sharing settings. Maƙwabcin da ya samu kalmar sirrin waifai ɗinka zai iya ganin kwamfutar, amma sai an tambaye shi suna da kalmar sirri, kuma ko ya wuce nan, Security bai san shi ba.

Idan ka gama sai ka gwada daga laftof ɗin yara: rubuta `\\SUNAN-KWAMFUTA\Gida` a File Explorer, shiga da `yara`, yi ƙoƙarin ajiye fayil a `Makaranta`, sannan ka yi ƙoƙarin goge hoto ɗaya marar muhimmanci a `Hotuna`. Na farko ya kamata ya yiwu, na biyu ya ƙi. Duk ranar da wani ya ce ba ya iya ajiya, kada ka yi ta lalube. Zauna gaban kwamfutar falo, shiga da asusun mutumin, gwada ajiyar a nan. In ta yiwu a nan ta ƙi ta netwok, Sharing ne, kuma `net share Gida` zai nuna maka abin da ke kai. In ta ƙi a nan ma, Security ne, ka duba da `icacls` haɗe da hanyar foldar, kamar `icacls D:\Gida\Makaranta`. In kuwa ka ga yara suna iya abin da bai kamata ba, mai yiwuwa ka taɓa shiga da sunanka a laftof ɗinsu kuma ta riƙe. Ka goge shi a Credential Manager, sannan ka rubuta `net use * /delete` a laftof ɗin.

Ba ka tambaya ba, amma tunda daga nan faifan waje mutane suke nufa, bari in faɗa. Kasuwa cike take da faifai da filash na jabu, an rubuta 2TB a jiki, kuɗinsa bai kai na 128GB na kirki ba, mai shago yana rantse maka da Allah sabon shigowa ne. A kwamfuta zai nuna 2TB ɗin, ka yi ta zuba kaya, sai ranar da ka buɗe ka tarar fayilolin sun zama shara. Kafin ka amince masa ka gwada shi da manhajar H2testw, ya cika shi ya karanta, ko da zai kwana yana yi, kuma ka yi sharaɗin mayarwa da mai shagon tun kafin ka biya. Haka masu gyaran da za su ce maka "an gama" cikin minti biyu: yawanci Password protected sharing suka kashe, suka ba Everyone Full control a wuraren biyu.

Idan naka na exFAT ne, umarnin `convert` ba zai mayar da shi NTFS ba, na FAT da FAT32 ne kawai. Sai ka kwashe kayan zuwa wani wuri, ka yi masa Format, ka dawo da su. Ka dai sani cewa kwamfutar Mac tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kai, kuma izinin nan ba ya tsare faifan da aka cire aka tafi da shi, don duk mai ikon Administrator a wata kwamfutar zai iya ƙwace mallakar foldar. Nawa a bayan kwamfutar falo yake, na ɗaure wayarsa da teburin, tun ranar da na tarar da shi a jakar makarantar autan.