Kuɗin kawowa daban, kuɗin fito daban

"Na sayi agogo ta intanet daga Ingila a kan dala 400, na biya dala 60 kuɗin kawowa. Yanzu kamfanin da ya ɗauko shi ya ce sai na biya sama da naira dubu 200 kafin a ba ni. Maƙwabciyata ta yi oda ba a nemi ko sisi ba. Ko dai cuta ta za a yi?"

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Koma takardar cinikin da suka turo miki ki nemi haruffa uku: DAP ko DDP. Ina kyautata zaton bambancinki da maƙwabciyarki a nan yake.

Idan DDP ne, mai sayarwa ya ɗauki nauyin kuɗin fito da haraji tun daga can, ya cusa su cikin farashi. Kaya za su iso har ƙofar gida, a sa hannu a karɓa. An biya harajin, mai saye ne dai bai gan shi a ware ba. Idan kuwa DAP ne, abin da kika biya na ɗauko kaya ne kawai zuwa adireshinki, hakkin kwastam yana wuyanki. Shagunan waje da yawa haka suke sayarwa, sai su rubuta shi da ƙananan haruffa a ƙasan shafi inda ba mai dubawa.

Akwai kuma yiwuwar kayanta ba su kai a caje su ba. Tun watan Satumban 2025 Hukumar Kwastam ta Najeriya ta yafe kuɗin fito a kan ƙananan kayan da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba, har sau huɗu a shekara. Naki ya haura wannan iyaka.

Bari mu yi lissafin tare, domin a nan mutane suke rikicewa. Kwastam ba ta duba kuɗin agogo shi kaɗai, tana haɗa shi da kuɗin ɗauko shi da na inshora idan akwai, wato dala 460 ke nan. Sai a mayar da su naira bisa canjin da kwastam ke amfani da shi a ranar, ba na 'yan canjin Wapa ba. Mu ƙaddara 1,500 ne: naira 690,000. Kuɗin fito a ƙasashen ECOWAS hawa biyar ne: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari, kuma yawancin kayan da aka gama ƙerawa don amfanin yau da kullum suna hawa na 20. In can aka ajiye naki, naira 138,000 ke nan. Harajin VAT na kashi 7.5 kuma a kan jimillar darajar kayan da kuɗin fito ake ɗora shi, wato 828,000, ya ba da 62,100. Kin ga an riga an kai 200,100, ba a ma sa wasu ƙananan kuɗaɗen gwamnati ba. Don haka adadin da aka faɗa miki bai yi kama da ƙage ba.

To me ya sa kamfanin ne ke tambaya, ba kwastam ba? Saboda shi ya tsaya a madadinki a filin jirgi, ya cike takardu, sau da yawa ma ya biya daga aljihunsa don kada kaya su kwana. Yanzu yana neman abinsa, ya kuma ɗora ladan wannan hidima. Wannan ladan nasa ne, ba ya shiga asusun gwamnati, kuma kina da ikon ganin sa a layinsa daban.

Kafin ki tura ko kwabo, ki ce su ba ki takardar ƙiyasin kwastam. Ki duba darajar da aka rubuta, ko ta yi daidai da rasidinki, ki duba kuma lambar rukunin kaya, HS code, domin kuskure a nan shi ke jefa kayan kashi 5 cikin hawa na 20. In kin ga sun ɗaga daraja, ki tura rasidi da shaidar biya ta banki ki nemi gyara. Abin da nake jiye miki shi ne 'yan damfara: saƙon tes mai cewa ki biya cikin awa biyu, ko lambar asusu mai sunan mutum ɗaya. Kamfani na gaskiya a asusun kamfani yake karɓa, kuma in kin sa lambar bin sawun kayan a shafinsu za ki ga an nuna ana jiran biya. Kada kuma ki ja lokaci, domin bayan 'yan kwanaki kuɗin ajiya ke fara hawa.

Nan gaba, ga kaya masu tsada ni DDP nake zaɓa ko da farashin ya ɗan ɗara, don in san abin da zan kashe tun kafin in danna biya. Ga ƙaramin abu na ƙasa da dala 300 kuwa DAP ya fi, kada ki biya mai shago harajin da an riga an yafe miki. Sa mai sayarwa ya rubuta "kyauta ce" ko ya rage farashi a takarda ba ya fisshe ki: in jami'an kwastam suka buɗe kwalin, su za su yanka masa daraja da kansu, a riƙe miki kaya a kan haka.