Kumburin jijiyar haƙori da ƙurji a tushensa: yadda ake bambanta su

Ka kurɓi ruwan sanyi, haƙori ya yi tsami, ka haɗiye, zafin ya wuce cikin sakan kaɗan. Nan jijiyar ta kumbura amma za ta iya warkewa: likita ya kankare ruɓar, ya cike ramin, shi ke nan. Idan zafin ya zarce sakan 30, ko ya tashe ka cikin dare ba ka ci komai ba, ciko kaɗai ba zai wadatar ba.

Ƙurji kuwa daban yake. Jijiyar ta riga ta mutu, shi ya sa sanyi ba ya damun haƙorin, har mutum ya ɗauka ya warke. Amma mugunya ta taru a ƙarshen saiwa. Haƙorin na zogi, ka ji kamar ya fi sauran tsawo, ko taunawa ba ka iyawa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kaɗai ba ya raba ka da shi, sai an wanke cikin saiwar ko an cire haƙorin.

Idan kumburi ya kai ido ko ya gangara ƙarƙashin muƙamuƙi, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiyar yawu ko numfashi ya yi wuya, a tafi asibiti nan take, domin kumburin yana iya toshe maƙogwaro.