Sharhi kan manhajar zana samfurin ɗaki daga bayanin da aka rubuta mata

Sana'ata ita ce haɗa kayan ɗaki a Garwa da ke arewacin Kamaru, kuma tun bara nake biyan kuɗin wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira wadda ake rubuta wa siffar ɗaki ta fitar da hotonsa, domin mai gida ya ga abin da zai samu kafin a sayi ko buhun siminti ɗaya. Hukuncina a kanta shi ne, ta ƙware wajen nuna launi da kayan gini da haske, amma ba ta riƙe awo, kuma duk wanda ya kai wa magini hotonta a matsayin zanen gini zai yi asarar kuɗinsa.

Aikin da ya fi nuna mini halinta falon wata Hajiya ne, mai faɗin mita 4 da tsawon mita 5, silin yana kan mita 3, ƙofa tana kudu, taga ɗaya tana gabas. Hajiya ta bukaci zaman ƙasa irin na majalisa, wato katifu da matasai a jikin bango biyu, da kujera mai cin mutum uku domin baƙin da gwiwa ba ta barinsu su zauna ƙasa. Da Faransanci nake rubuta bayanin, saboda manhajar ta fi gane shi a kan Hausa nesa ba kusa ba, kuma ga wanda na tsaya a kansa:

```
Salon 4 m x 5 m, plafond 3 m, vue depuis la porte sud.
Sol : carreaux mats beige 60x60. Murs : enduit ciment peint blanc cassé.
Une seule fenêtre, mur de droite, persiennes métalliques.
Matelas bas et coussins le long des murs gauche et du fond.
Canapé 3 places en iroko sous la fenêtre. Ventilateur de plafond.
8 h du matin, soleil entrant par la droite. Objectif 24 mm, format 3:2.
```

Wajen kayan gini ne na fi yaba mata, da sharaɗin a kira kowane abu da sunansa har da yanayin fuskarsa. Idan aka ce katako kawai, sai ta kawo farin katakon ƙasashen sanyi wanda ba a samunsa a kasuwarmu, amma da na ambaci iroko, wanda ake kawo mana daga dazuzzukan kudancin Kamaru, sai ta ba da ruwan ƙasa mai sirkin zinariya kusan yadda yake bayan an shafa masa banis. Haka tayil, wanda maginanmu ke kira karo: in ba a faɗi cewa marar sheƙi ake so ba, sai ta mai da daɓen tamkar madubi, alhali a garin da hunturu ke zuba ƙura daga Disamba zuwa Fabrairu, tayil mai sheƙi yana nuna sawun kowace ƙafa. Salon kayan ɗaki kuwa, gwamma a bar manyan kalmomi. Salon Afirka ya jawo mini fatar jakin dawa da gumakan katako a bango, salon Larabawa kuma ya kai falon Maroko gaba ɗaya, da fitilun tagulla da ƙananan tayil masu launi. Abin da ya yi aiki shi ne jero kayan ɗaya bayan ɗaya: katifa mai kaurin santimita 20, tumtum na fata irin aikin dukawan Marwa, darduma ja a tsakiya. Na kuma lura cewa hani ba ya kama ta sosai, domin rubuta cewa kada a sa murhun ɗumama ɗaki yakan sa murhun ya bayyana, don haka nake faɗin abin da ke jikin kowane bango, in bar zancen abin da babu.

Batun lokaci ya fi yadda ake zato nauyi. Manhajar ba ta san gabas da yamma ba, dama da hagu na hoton kaɗai ta sani, shi ya sa nake fara faɗin inda mai kallo yake tsaye. Wanda ya tsaya a ƙofar kudu yana fuskantar arewa, gabas tana damansa, saboda haka rana za ta shigo ta dama da safe, da la'asar kuma bai kamata a ga tsinin rana a ɗakin ba sam. Da na gwada ƙarfe huɗu na yamma, sai ta zubo hasken zinariya ta wannan tagar ta gabas, abin da ba zai taɓa faruwa ba. Ana gane irin wannan ƙaryar daga inuwa: a duba ƙafafun kujera da tebur, in inuwar ɗaya ta nufi hagu ta ɗayan ta nufi mai kallo, hasken ƙagagge ne. Akwai kuma abin da hoto ba ya ɗauka ko da ya yi daidai. Garwa tana kusan digiri 9 arewa da tsakiyar duniya, zafin Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40, kuma babbar tagar gilashi a bangon yamma, wadda manhajar ke son ƙarawa da kanta don hoto ya yi kyau, ita ce za ta hana mutane zama a falon daga azahar zuwa magariba.

Babban aibinta yana wajen awo da tsarin ɗaki, kuma tayil ɗin da ta zana da kanta shi ne ma'aunin da nake kama ta da shi. Tayil mai santimita 60 a bangon mita 4 bai wuce guda shida da kashi biyu cikin uku ba. A hoton da Hajiya ta fi so na ƙirga goma sha ɗaya a gindin bangon ƙurya, wato manhajar ta faɗaɗa ɗakin zuwa mita 6.6 ba tare da an tambaye ta ba. Shi ya sa komai ya zauna a wadace. A ɗakin gaskiya, kujera mai zurfin santimita 90 a gabas da katifa mai faɗin santimita 70 a yamma sun ci mita 1.6, saura mita 2.4, kuma in aka sa teburin santimita 80 da ke cikin hoton, hanyar wucewa ta kowane gefe santimita 80 ce kacal, wadda ƙafafun masu zama a katifa za su cinye rabinta. Na ce wa Hajiya, ranki ya daɗe, ko dai tebur ko wurin miƙe ƙafa, ta zaɓi a cire teburin a bar faranti a kan darduma. Lissafin sayayya ma da tef na yi shi: murabba'in mita 20 a raba da 0.36 ya ba da tayil 56, da ƙarin kashi goma cikin ɗari na yanka da fashewa ya kama 62.

Matsalar tana raguwa sosai idan aka ɗora mata hoton ɗakin babu kowa a ciki, wanda aka ɗauka da waya daga bakin ƙofa, sannan aka ce ta zuba kaya a kansa, domin a nan bango da taga suna zama inda suke. Gyara ɓangare guda, kamar sauya launin labule kaɗai, shi ma ya fi sake fitar da hoto sabo, wanda kan sauya yawan matasai ko ya matsar da fanka. Amma in aka nemi ganin ɗakin daga wata kusurwa, wani ɗaki daban take kawowa, kuma ban samu hanyar magance wannan ba.

Zan ci gaba da biyan kuɗinta saboda zaɓen launi da yadi, inda takan rage mini doguwar jayayya da masu gida. Kowane hoto da zan tura yanzu yana tafiya tare da zanen ƙasa na hannu mai awo, kuma a kan zanen ne muke yin ciniki.