Hattara da kwantirolar sola mai tambarin MPPT na ƙarya

Jama'a masu shirin haɗa sola a gida, da waɗanda suka riga suka haɗa, ku duba kwantirolar cajin da aka sayar muku, wato na'urar da ke daidaita wuta tsakanin fanel da batir. Akwai wata damfara da ta yi yawa: a ɗauko kwantirolar PWM mai araha, a buga mata MPPT da manyan baƙaƙe a fuska da jikin kwali, wani lokacin har a ƙara da 60A ko 100A, a sayar wa mutum a matsayin babbar na'ura. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wanda aka cuta yakan daɗe bai gane ba. Allon na'urar yana haske, alamar caji tana motsi, sai dai kullum batir ya mutu kafin tsakar dare. Daga nan a ɗora wa batir laifi, a sake sabo, matsalar kuma tana nan daram.

Sai an san aikin kowacce kafin a gane inda cutar take. PWM makunni ce kawai tsakanin fanel da batir. Tana haɗa su kai tsaye, idan batir ya kusa cika ta riƙa yankewa tana haɗawa da sauri don kada caji ya wuce kima. Tunda haɗin kai tsaye ne, batir yakan janyo boltejin fanel ya sauko daidai da nasa, duk abin da ke sama da haka ya tafi a banza. MPPT kuwa tana barin fanel ya yi aiki a boltejin da ya fi ba da ƙarfi, sannan ta sauke wannan bolteji zuwa na batir, ta mayar da rarar ta zama ƙarin amfiya. Wannan juyin ba ya yiwuwa sai da koyil, wato wayar tagulla mai kauri da aka nannaɗe a jikin zobe, tare da manyan kafasito da ƙarfen sanyaya na'ura. Shi ya sa MPPT ta gaske take da nauyi a hannu.

Mu ɗauki gida mai fanel ɗaya na 300W da batir 12V. A bayan irin wannan fanel za ka ga an rubuta Vmp wajen 32V da Imp wajen 9.4A, wato bolteji da amfiyar da yake bayarwa idan yana cikakken ƙarfinsa, Voc kuma kusan 40V, wato boltejinsa idan ba a haɗa shi da komai ba. A ce batir yana 13.5V ana cikin caji. Idan PWM ce a tsakani, fanel zai sauko zuwa kusan 13.5V ɗin, amfiyarsa kuma ba za ta kai 10 ba. Ka ninka su, abin da ke shiga batir bai kai 135W ba. Idan MPPT ce ta gaske, ko an cire abin da zafin rana ke ragewa da ɗan abin da na'urar ke ci, za a iya samun kusan 240W, wato wajen 18A suna shiga batir. Ka ga mutum ya biya kuɗin fanel 300W da kuɗin MPPT, amma kusan rabin wutar da ya kamata ya samu ake ba shi, kullum rana ta Allah.

Asarar wuta ma da sauƙi. Mai MPPT yakan jera fanel biyu a siris, wato a haɗa + na ɗaya da − na ɗayan, don bolteji ya hau, saboda ta gaske tana ɗaukar 75V ko 100V ko 150V, gwargwadon ƙirarta. Fanel biyu irin na misalinmu sun kai 80V. Ta bogi kuwa akasari ba ta jure abin da ya wuce wajen 50V. Tana iya ƙonewa nan take, kuma idan makunnin cikinta ya ƙone a haɗe, wutar fanel za ta riƙa kwarara cikin batir ba mai tsayar da ita. Batir ya yi zafi, ya kumbura ko ruwansa ya ƙafe. Wannan haɗarin gobara ne a cikin ɗakin da iyali ke kwana.

Tun kafin ka biya za ka iya gano ta. Ɗaga ta ka ji: idan 'yar roba ce sakayau da za ta zauna a tafin hannu, ga ramukan cajin waya biyu a gaba, amma an rubuta MPPT 100A, ajiye ta. Dubi ramukan da ake ɗaure waya. Wayar da za ta ɗauki 100A ta kai kaurin 25mm² ko fiye, su kuwa waɗannan ramukan da ƙyar 6mm² ke shiga. Sai ka buɗe takardar cikin kwali ka nemi layin Max PV voltage ko Max PV Voc. Idan ka ga ashirin da 'yan kai ga batir 12V, da ninkinsa ga batir 24V, to PWM ce ko me aka rubuta a fuska. Idan babu layin gaba ɗaya, mai sayarwa kuma yana kame-kame, kada ka yi cinikin biri a sama. Wanda ya yarda da kayansa ba zai ƙi a leƙa ta ramukan iska a ga koyil ba.

Idan an riga an haɗa maka, mita za ta raba gardama. Zaɓi lokacin da rana ta buɗe sosai, batir kuma bai cika ba. Wannan sharaɗin yana da muhimmanci, domin idan batir ya cika kowace kwantirola tana rage caji, awon sai ya ruɗe ka. Saita mita a DC, auna boltejin ramukan batir, sannan auna na ramukan fanel. A misalinmu, idan batir ya nuna 13.5V, ɓangaren fanel kuma 13.8V ko 14V, PWM ce. Idan ɓangaren fanel ya nuna 28V zuwa 32V, tana aikin MPPT. Mai mitar maƙalawa da ke auna amfiyar DC zai ƙara tabbatarwa: a PWM abin da ya shigo daga fanel shi ke fita zuwa batir, a MPPT na fita ya fi na shiga nesa ba kusa ba. Kada ka dogara da lambobin allon na'urar, wanda ya yi ƙarya a kwali zai iya yi a allo.

Kada wannan ya sa a tsani PWM. Wadda aka sayar da sunanta na gaskiya kaya ce mai kyau, kuma ita nake ba ƙaramin gida shawara idan fanel ɗinsa na 100W ne ko 150W mai Vmp wajen 18V, batir 12V, aikin kuma fitilu ne da fanka da cajin waya. A nan tazarar fanel da batir kaɗan ce, zafi ma yakan sauke Vmp zuwa wajen 16V, don haka ribar MPPT ba ta taka kara ta karya ba. PWM 10A ta ishi fanel 100W ɗaya, 20A ta ishi biyu a faralel, wato + da +, − da −. Amma da zarar fanel ɗinka mai Vmp 30V ne ko sama, batir kuma 12V, ko za ka jera fanel a siris, ko wayar daga rufi tana da tsawo, MPPT ta gaske ce kawai za ta fisshe ka.

In awo ya nuna an cuce ka, fara cire wayar fanel kafin ta batir, wajen mayarwa kuma batir ne farko. Idan fanel ɗinka a siris suke, kada ka sake haɗa su da wannan na'urar ko na minti ɗaya. Ɗauki hoton mita a ɓangarorin biyu, ka koma wa mai kayan da kwali da rasit, ka nemi canji ko kuɗinka.