PivotTable ko SUMIFS: wanne ya dace da lissafin cinikin shekara?

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ke riƙe da lissafin shagon kawuna a babbar kasuwar Sakkwato, kayan masarufi muke sayarwa, yaran shago uku ne. Cinikin 2024 kaf yana cikin Excel, layi ya haura dubu shida. Kawu yana son ya ga abin da kowane yaro ya sayar na kowane kaya a kowane wata. Wani ya ce in yi PivotTable, wani ya ce SUMIFS ta fi aminci. Wanne zan bi?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka fara da PivotTable. SUMIFS tana da nata gurbin, kuma zan nuna maka shi, amma ba ita ce ta farko ba.

Kafin komai, dukansu biyu suna buƙatar takardar ciniki mai tsabta: kowane ciniki layi ɗaya, da kanun Rana, Kaya, Yaro, Adadi, Farashi da Kudi, babu layin da aka bari fayau, babu jimillar wata da aka cusa a tsakiya. Ka danna `Ctrl+T` ya zama tebur, ka sa masa suna `Ciniki`. Amfanin haka shi ne duk layin da ka ƙara gobe zai shiga lissafi.

A ɓangaren PivotTable, aikin na 'yan mintuna ne. Ka je `Insert > PivotTable`, ka ja Kaya zuwa `Rows`, ka sa Yaro a ƙarƙashinsa, Rana ta tafi `Columns`, Kudi kuma `Values`. Sai ka danna dama a kan wata rana, ka zaɓi `Group`, ka ɗauki `Months` tare da `Years`. Kada ka bar `Years` a baya, domin ranar da ka zuba cinikin Janairun 2025 za a haɗe shi da na Janairun 2024 a gida ɗaya, ba tare da wani gargaɗi ba. Idan kawu ya ce shi yaran yake son gani a sama, kaya a ƙasa, ja ɗaya ne ka sauya. Abin da na fi so kuwa shi ne idan ya nuna wani adadi ya ce bai yarda ba, danna shi sau biyu kawai za ka yi, Excel ya buɗe sabon shafi da duk layukan da suka tara wannan kuɗin, rana da rana.

A ɓangaren SUMIFS kai ne za ka gina teburin da hannunka. Sunayen kaya a gefe daga `A5`, ranar farko ta kowane wata a sama daga `C4`, sunan yaro a `B1`, kowane yaro da nasa teburin, sannan ka rubuta a `C5`:

```
=SUMIFS(Ciniki[Kudi],Ciniki[Kaya],$A5,Ciniki[Yaro],$B$1,
 Ciniki[Rana],">="&C$4,Ciniki[Rana],"<"&EDATE(C$4,1))
```

Ka yaɗa ta zuwa sauran watanni da kwafi da liƙawa, kada ka ja ta gefe, don jan yana gusar da sunayen kanun. In kayanku kala 20 ne, da wata 12 da yara 3, gidaje 720 ke nan kake kula da su.

Inda suka fi bambanta shi ne yadda kowanne yake yi idan an samu kuskure a rubutu, kuma nan ne nake son ka tsaya sosai. A ce wani lokaci an rubuta "Sukari", wani lokaci "Suga", wani lokaci kuma "Sukari" da tazara a ƙarshe wadda ido ba ya gani. PivotTable zai fito maka da layi uku daban-daban. Ba kyan gani, amma kuɗin duk suna nan, kuma ka ga matsalar da idonka, sai ka koma ka gyara. SUMIFS kuwa abin da ka tambaye ta kaɗai take tarawa. Na "Suga" ba za su fito ko'ina ba, tebur zai yi kyau tsaf, alhali an zubar da kuɗi a hanya. Haka nan idan an kawo sabon kaya a watan Agusta ba ka ƙara sunansa a gefe ba. Idan da wannan teburin za a auna ƙoƙarin yaro, an ci masa haƙƙi ba da niyya ba. Shi ya sa duk mai aiki da SUMIFS dole ya ajiye gida ɗaya na bincike, inda zai cire jimillar teburan yaran uku daga `=SUM(Ciniki[Kudi])`. In bai ba da sifili ba, akwai abin da ya zube.

Shi ma PivotTable yana da nasa raunin. Galibi ba ya sabunta kansa. Ka gyara farashi a takardar ciniki, SUMIFS ta sauya nan take, shi kuwa yana nan da tsohon adadi sai ka danna `Refresh`. Ka shiga `PivotTable Options > Data` ka kunna `Refresh data when opening the file`. Idan ka ga `Count of Kudi` maimakon `Sum of Kudi`, galibi wani ya rubuta kuɗi da harafi, kamar "N45,000". Sauya shi zuwa `Sum` kaɗai bai isa ba, domin waɗancan layukan ba za su shiga jimilla ba sai an mayar da su lamba. Idan kuma ya ce `Cannot group that selection`, to cikin ranakun akwai wadda ba kwanan wata ba ce a wurin Excel, rubutu ce kawai. Irinsu kan maƙale a gefen hagu na gida, na gaskiya suna dama.

Akwai tarko ɗaya da ya fi waɗannan haɗari. Kada ka bar PivotTable ya ninka maka Adadi da Farashi ta hanyar `Calculated Field`. A ce yaro ya sayar da shinkafa buhu 10 a kan naira 70,000, daga baya buhu 5 a kan 72,000. Gaskiyar cinikin 700,000 ne da 360,000, wato 1,060,000. Shi kuwa tara buhunan yake fara yi su zama 15, ya tara farashin ya zama 142,000, sannan ya ninka, ya ba ka 2,130,000. Ninkawar a takardar ciniki ake yin ta, layi-layi, a ƙarƙashin Kudi: `=[@Adadi]*[@Farashi]`.

Sai wurin da SUMIFS ta yi nasara. Kasuwarmu ba watan Bature kaɗai take bi ba. Azumin 2024 ya kama ranar 11 ga Maris bisa sanarwar Sarkin Musulmi, aka yi Sallah ranar 10 ga Afrilu. Idan kawu ya tambayi sukari da madarar da aka sayar cikin azumi, rabon wata-wata na PivotTable ya riga ya tsaga cinikin gida biyu, wani a Maris wani a Afrilu, kuma gauraye da kwanakin da ba na azumi ba. Da SUMIFS kuwa iyakar biyu kawai za ka sauya: daga `DATE(2024,3,11)` zuwa ƙasa da `DATE(2024,4,10)`. PivotTable ma zai iya, in ka ƙara kanu ɗaya a takardar ciniki mai suna Lokaci, ka cika shi da Azumi ko Saura, ka ja shi zuwa `Columns` a madadin Rana. Haka kuma takardar da ake bugawa duk ƙarshen wata da siffa ɗaya, kamar ta ladan yara, SUMIFS ce ta dace da ita, don gidajenta ba sa motsi, shi kuwa PivotTable yana faɗaɗa yana tsukewa gwargwadon abin da ya samu.

Don haka ka yi PivotTable yau, ka bi layukansa ka gyara sunayen da suka rarrabu da ranakun da suka ƙi haɗuwa, ka tabbatar `Grand Total` ya yi daidai da jimillar Kudi a takardar ciniki. In shafin ya yi faɗi da yawa don bugawa, ka ɗauke Yaro daga `Rows` ka kai shi `Filters`, ka buga wa kawu shafi ɗaya na kowane yaro. SUMIFS ka bar ta sai bayan an gama wannan gyaran, ka yi takardar lada da ta azumi da ita.