Matatar ruwa ta RO a ƙarƙashin sinki: mai tanki ko marar tanki?

Kafin ka tambayi farashi, ɗaga kai ka dubi tankin gidanka. Matatar RO tana tura ruwa ne ta cikin wata siririyar fata mai tace gishiri, kuma tana son ƙarfin ruwa ya kai psi 40. Tankin da ke bisa hasumiya mai mita 7 bai wuce psi 10 yake bayarwa ba. Saboda haka gidan da ke shan burtsatse ta tankin sama, mai ɗan injin ƙara ƙarfi kawai zai yi masa. Marar inji ya fi araha, amma ɗiga zai riƙa yi.

Marar ɗan tankin ajiya na kansa ba ya cin wuri, sai dai da injin lantarki yake aiki, da an ɗauke wuta ruwa ya tsaya. Mai tanki kuwa ya tara maka abin sha tun da wuta. Inda wuta ba ta da tabbas, shi nake zaɓa.

Tankin matatar yana da roba a ciki, ruwa a gefe guda, iska a ɗayan, kuma iskar ce ke tura ruwan zuwa famfo. Ana auna ta ne tanki babu ruwa, ta kasance psi 5 zuwa 7, ko abin da takardarsa ta ce. Don haka mai lita 12 kusan lita 8 yake ɗauka. In wata rana ka ji tanki da nauyi amma kofi ɗaya ya zuba ruwan ya tsinke, iska ta ragu. Rufe ruwan shiga, buɗe famfo, ka yi ta hura bawul ɗin iska na jikin tankin da famfon keke har ruwan ya ƙare, sannan ka auna da geji mai nuna ƙananan lambobi. In ka cika iska, tanki ba zai ɗauki ruwa sosai ba. In ruwa ya fito ta bawul, robar ta fashe, sai sabo. Tun a shago ka tabbata bawul ɗin yana inda hannu zai kai.

Tiyo yawanci mai rubu'in inci ne. Mahaɗin da ake turawa ya kama ya fi mai ɗaurin noti sauƙi, muddin an yanka bakin tiyon daidai, ba a karkace ba, an kuma tura shi har ƙarshe.

Sai maɗaurin da ke rungumar bututun magudana, inda gurɓataccen ruwan da matatar ta ware ke fita. Auna kaurin bututun sinkinka kafin ka saya. A ɗaura shi sama da lanƙwasar da ke tare wari, ramin da aka huda ya dace da bakinsa. A bututu na kwance, ta sama ake hudawa, don kada dauɗa ta toshe shi.