Ɗora fayil ɗin ISO ko kwance shi: wanne ya fi?

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Na sauke wata manhaja ta zo a fayil ɗin ISO mai gigabait 5.4, laftof ɗina kuma ba ta da gurbin faifai. Wani ya ce in yi `Mount`, wani ya ce in buɗe da 7-Zip. Mene ne bambancinsu? Gigabait 4 kacal ya rage min a `C:`."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da wannan ragowar wuri da ka faɗa, ɗorawa ce hanyarka, wato `Mount`, kuma ga dalili.

Fayil ɗin ISO kwafin faifai ne sukutum, yanki bayan yanki, har da tsarin da ke nuna inda kowane fayil yake zaune. Idan ka ɗora shi, Windows za ta ƙirƙiro gurbin faifai na jabu, ta ba shi harafi kamar `E:`, sai duk manhajar da ta nemi wani abu a `E:` a karanto mata kai tsaye daga cikin fayil ɗin. Ba a kwafi komai ba, shi ya sa abin ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi ko da fayil ɗin ya kai gigabait 10. Kwancewa da 7-Zip kuwa kwashe kayan ne a zube su a wata folda. To, ISO ba matsatsen fayil ba ne kamar ZIP, don haka abin da zai fito zai yi kusan girman uwar: 5.4 na fayil, wani 5.4 na folda, jimilla kusan 10.8. Da gigabait 4 aikin zai tsaya a tsakiya, a ce maka wuri ya ƙare.

Tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, ɗorawar tana cikin tsarin, ba sai an girka komai ba. Ka danna fayil ɗin da maɓallin dama, ka zaɓi `Mount`, sabon gurbi zai bayyana a `This PC`. Shiga ka danna `setup.exe` kamar faifai ne na gaske. In ka gama, danna gurbin da dama ka zaɓi `Eject`. Kafin ka yi hakan, Windows ba za ta bari ka goge fayil ɗin ko ka matsar da shi ba, za ta ce ana amfani da shi.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne su duba su rasa `Mount` gaba ɗaya. Galibi WinRAR ko makamancinsa ne ya ƙwace buɗe fayilolin ISO lokacin da aka girka shi, kuma za ka gane haka daga alamar fayil ɗin, ta koma ta waccan manhajar maimakon hoton faifai. Sai ka danna dama, `Open with`, ka zaɓi `Windows Explorer`. Ko kuma ka bi ta PowerShell, tagar rubuta umarni ta Windows. Layin farko na ɗorawa ne, na biyu na cirewa idan ka gama:

```
Mount-DiskImage -ImagePath "D:\kaya\manhaja.iso"
Dismount-DiskImage -ImagePath "D:\kaya\manhaja.iso"
```

Ka rubuta cikakkiyar hanyar fayil ɗin tun daga harafin farko, sunansa kaɗai ba ya isa.

Ɗorawa tana da iyakoki biyu. Gurbin na karatu ne kawai, ba za ka iya gyara ko ƙara komai a ciki ba. Sannan da ka kashe kwamfutar ka kunna, gurbin ya ɓace, sai ka sake ɗorawa. Wannan na biyun yana da muhimmanci ga tsofaffin manhajoji da wasanni masu neman faifansu duk sanda aka buɗe su: in suka ce a saka faifai, ɗorawa suke so, kuma wasu sai da harafin da aka girka su da shi. Irin waɗannan folda ba ta gamsar da su, don faifai suke nema su gani.

To ina 7-Zip ya fi? Wuri na farko, idan fayil ɗaya ko biyu kake so. Ba dole ka kwance duka ba: danna dama, `7-Zip`, `Open archive`, ka zaɓi abin da kake buƙata. A nan akwai wani tarko da ya shafe ka kai tsaye. In ka jawo fayil daga tagar 7-Zip ka jefa a wata folda, sai ya fara zube shi a foldar wucin gadi ta Windows, wadda galibi a `C:` take, kafin ya kai shi inda ka nufa. Ko da filas mai yalwa ka nufa, `C:` ɗinka zai iya cika. Ka yi amfani da maɓallin `Extract` ka rubuta wurin, shi yake kaiwa kai tsaye. Kuma kada ka danna `setup.exe` daga cikin tagar, don shi kaɗai zai fito, ya nemi sauran fayilolinsa ya rasa, girkin ya lalace. Wuri na biyu, idan kana so ka canja wani abu a kayan, ko ka ajiye su dindindin a folda. Na uku, mai Windows 7, wadda ba ta iya ɗorawa da kanta: ko 7-Zip, ko ya girka ƙaramar manhaja kyauta irin WinCDEmu.

Idan ɗorawa ta ƙi, saƙon da ya fito shi zai nuna maka hanya. `The disc image file is corrupted` yawanci saukewar ce ta yanke, abin da ba baƙo ba ne ga mai fama da data. Duba girman fayil ɗin tukuna, sannan ka ciro lambar tantancewarsa:

```
Get-FileHash "D:\kaya\manhaja.iso"
```

Zai ba ka lambar SHA256, sai ka gwada ta da wadda masu manhajar suka wallafa. Harafi ɗaya ya bambanta, fayil ɗin ba daidai yake ba, kuma 7-Zip ba zai gyara shi ba. Zai iya nuna maka jerin fayiloli lafiya lau, don jerin a farkon fayil ɗin ISO yake, sai ya zo kwancewa ya yi ta kawo kuskure. Wani lokacin kuma fayil ɗin ba ISO ba ne tun asali, BIN ne aka canja wa suna. Yankin ISO bait 2048 ne, na BIN galibi 2352, canja suna kuwa ba ya canja wannan. Shi BIN da abokinsa CUE ake buɗe shi, ta WinCDEmu.

Shi kuwa `Sorry, there was a problem mounting the file` sau da yawa fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Wasu manhajojin saukewa ne ke barin masa wata alama da ɗorawar Windows ba ta yarda da ita. Kwafe shi zuwa wani wuri, ka ɗora sabon kwafin. Kai da ba ka da wuri a `C:`, filas za ka nufa, sai dai ka duba tsarinsa a `Properties`: FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4, naka kuwa 5.4 ne. Sai exFAT ko NTFS, kuma canja tsarin ta hanyar `Format` yana share duk abin da ke kan filas ɗin, don haka kwashe kayanka tukuna.

Abu ɗaya nake roƙonka ka kiyaye. ISO da ya zo maka a imel da sunan rasit ko takardar biya, kada ka ɗora shi. 'Yan damfara suna ɓoye manhajar cuta a ciki, kuma babu kamfanin kirki da ke aiko rasit a fayil ɗin ISO.

Ka tuna kuma manhajar kanta za ta ci wuri idan an girka ta, ɗorawa ba ta rage wannan. Duba abin da take buƙata kafin ka danna `setup.exe`. In ya haura gigabait 4, ka zaɓi `D:` a wurin girki idan ta ba da dama, ko ka fara rage kaya a `C:`.